Littafin bitar Juma'a a shagon ɗinkina, daga hunturu zuwa Sallah

Juma'a, 10 ga Janairu, 2025

Ƙaramar Sallar bara mutum tara na saɓa wa alkawari. Ɗaya daga cikinsu dattijo ne da ya yi shekara goma sha ɗaya yana kawo mini ɗinki. Ya zo ranar jajibere ya tarar da shaddarsa ko yankawa ba a yi ba. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Malam, ba ni kayana." Har yau bai dawo ba, kuma abin yana raina.

Bana na ɗaura niyyar duk ranar Juma'a, daga ƙarfe takwas zuwa goma na safe, zan rufe ƙofar shago in yi bitar mako: in duba abin da ke hannu, in share abin da ya taru, in tsara sati mai zuwa. Na zaɓi Juma'a ne domin dama ba mu cika aiki kafin a sauko daga masallaci ba. Mu huɗu ne a shagon: ni, babban yarona da ya iya yanka, da ƙanana biyu masu koyo. Muna da keken wuta biyu, keken ƙafa ɗaya, da injin wibin. Aikin wuya da na aljihu waje muke kaiwa.

Yau na fara da abu guda: na sauko da duk wata leda da ke kan kanta, na jera a ƙasa, na buɗe littafi ina haɗawa. A littafi ɗinki 34 ne ba a gama ba. A ƙasa leda 39. Uku na gano masu su ta saƙonnin WhatsApp, an karɓa ranar da ba na nan, ba a rubuta ba. Biyu kuwa farar shadda ce iri ɗaya, yadi biyar-biyar, babu suna babu awo. Awa biyun da na ware ta ƙare a nan, ban taɓa lissafin kuɗi ba, ban taɓa keke ba.

Na kashe naira 4,300: sabon littafi mai kauri, maka biyu, salatif na takarda, da abin maƙale takarda.

Juma'a, 17 ga Janairu

Farar shadda ɗaya mai ita ya zo ranar Litinin da kansa. Ɗayar har yanzu shiru.

Sabon tsari: kowane ɗinki yana da shafinsa da lambarsa. A shafin akwai suna, lambar waya, awo, yawan yadi, irin ɗinkin, kuɗin da aka yi ciniki, kafin alƙalamin da aka bayar, da ranar alkawari. Sai in yanko ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu daga gefen yadin in maƙala a shafin, lambar kuma a rubuta a salatif a manna jikin ledar da jikin yadin kansa. Na yadin ya fi muhimmanci, domin da zarar an fito da shi za a yanka, ledar ta zama ba ta kowa ba. Na ce wa yaran duk wanda ya karɓi kaya bai buɗe shafi ba, to bai karɓa ba, ya ce wa mai kayan ya jira ni.

Haɗa leda da littafi yau minti 40 ya ci. Na fara rubuta adadin abin da muka gama a sati, wanda ban taɓa ƙirgawa ba tunda na buɗe shago.

Juma'a, 24 ga Janairu

Yau ranar kuɗi ce, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba.

Ɗinki 13 ne a rataye an gama, an goge, ba a zo an karɓa ba. Cikon da ke kansu ya kai naira 71,500. Akwai wanda tun Babbar Sallar bara yake rataye, ƙurar hunturu har ta yi masa layi a kafaɗa. Kullum ina ganinsu amma idona ya saba, sun zama kamar bango. Na sa ƙaramin yaro ya kakkaɓe su ya sa kowanne a leda, ni kuma na zauna na tura wa kowa saƙo iri ɗaya: "Salamu alaikum, kayanka sun kammala, cikonka kaza ne, muna nan har Magariba." Kafin La'asar mutum huɗu sun zo.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Na tara kafin alƙalamin da na karɓa na ɗinkunan da ba a gama ba, ya kama naira 118,000. Na duba abin da ke aljihun tebur da na asusun banki, 52,000 ne. Sauran ya tafi a cefane, fetur da kuɗin makarantar yara. Wato na ci kuɗin aikin da ban yi ba. Wannan shi ne abin da yake sa tela ya ci gaba da karɓar sabon ɗinki alhali ya san ba zai iya gamawa ba: yana buƙatar kafin alƙalamin yau don ya sayi zare da sitif na ɗinkin jiya, ya biya mai aikin wuya. Bara haka ta faru da ni, sai yanzu na ga yadda igiyar ta ɗaure.

Daga yau kafin alƙalami gwangwaninsa daban, wanda aka turo ta waya kuma ina rubuta shi a shafin baya. Ba ya zama nawa sai ranar da kayan suka fita daga shago. Abin da kawai aka yarda a cira daga ciki shi ne kayan haɗin ɗinkin da kuɗin mai aiki. Giɓin 66,000 zan riƙa cike shi da cikon da ke shigowa.

Juma'a, 31 ga Janairu

Bita ta yi sauƙi. Leda da littafi sun yi daidai. An karɓi ɗinki biyar daga na rataye. Giɓi ya sauko zuwa 41,000. Mai farar shadda ta biyu ya bayyana, ashe tafiya ya yi.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Wannan ita ce bitar da na fi jira, domin yanzu ina da lissafin sati uku.

Ƙirga ɗinki da kai-da-kai yaudara ce, tunda kaftanin yaro ɗan shekara biyar da babbar riga ba ɗaya ba ne. Sai na ba kowane iri maki gwargwadon lokacin da yake ci mana. Kaftani da wando na babba marar aiki, maki ɗaya. Na yara, rabin maki. Kaftani mai aiki, maki biyu, domin sai an yanka, an manna sitif, an kai wa mai aiki, an karɓo, sannan a haɗa. Babbar riga da 'yar ciki da wando, maki uku.

Da wani ya tambaye ni a watan jiya nawa muke gamawa a sati, da na ce talatin ba tare da na yi tunani ba. Littafi ya ce 17, 21, 19. Ba ƙarya nake yi ba a da, ranar da wuta ta zauna tun safe har dare nake tunawa, sai in ninka ta sau shida. Ranar ɗaurin aure, ranar jana'iza, ranar da na tafi Kantin Kwari na wuni, ranar da babu wuta sai keken ƙafa, duk ba na sa su a lissafi, alhali kowane sati yana da irinsu.

Ga yadda na yi lissafin. Ana sa ran azumi farkon Maris, Sallah ƙarshensa. Na sa Alhamis 27 ga Maris ta zama ranar da komai zai fita, don in bar kwana biyu ko uku na gyare-gyare. Daga gobe Asabar zuwa ranar sati bakwai ne cif. Na ɗauki 18 a sati, na cire biyu saboda gyaran wanda ya matse ko ya yi tsawo da kuma ɗinkin gaggawa da ba a iya ƙi, saura 16. Sau bakwai, 112. Abin da ke hannu yau maki 61 ne. Saboda haka gurbin da ya rage mini har Sallah 51 ne, ba ƙari. Na rubuta 51 da alli a jikin allon da ke bayan ƙofa, duk ɗinkin da aka karɓa a rage makinsa.

Haka kuma na daina ba da ranar alkawari a tsaye. In mutum ya ce yaushe, sai in duba littafi in ga satin da bai cika 16 ba, in ba shi Alhamis ɗin satin. Wani abokin ciniki ya ce, "Haba Malam, kaftani ɗaya sai sati uku?" Na juya masa littafin ya gani da idonsa. Ya yi shiru, ya ce to Allah Ya kai mu.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

An gama 18. Tsarin sati yanzu a allo yake: Asabar da Lahadi yanka da kai wa mai aiki, Litinin zuwa Laraba haɗi, Alhamis maɓalli, guga da kiran masu kaya. Jerin sayayya na gobe: farin zare dozin ɗaya, sitif yadi goma, zif na wando, gawayin guga. Fita ɗaya a sati maimakon aiken yaro kasuwa kullum.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Sati mai wuya. Maki 11 kacal.

Ranar Lahadi babban keken ya fara tsallake ɗinki a kan shadda. Babban yarona ya canza allura, ya ci gaba da yi. Ya ƙara ɗaure zaren sama, sai ya koma tsinkewa. Litinin da hantsi ya cije gaba ɗaya, ko juyawa ba ya yi. Mai gyara bai samu zuwa ba sai Laraba. Da ya kwance farantin ƙarƙashin allura, sai ga audugar zare da ƙurar hunturu sun cakuɗe da mai sun zama kamar tabo, sun cike tsakanin haƙoran da ke jan yadi. Ya kwantar da kan keken ya nuna mini kaskon mai: man ya yi baƙi, kuma ya sauka ƙasa da layin da aka rubuta LOW. Ƙugiyar da ke kama zaren ƙasa ta bushe ta yi zafi, wani guntun zare ya shige mata, taimin ya goce. Ya wanke, ya zuba sabon mai, ya saita. Kuɗin aiki da mai da ƙugiya sabuwa, naira 19,500, ga kwana biyu da rabi da suka tafi.

Laifin na bitata ne. Sati shida ina duba littafi da kuɗi, na bar "shara" a matsayin share ƙasa da kwashe ƙyallaye. Keken da shi ne shagon ban saka shi a ciki ba. Kuma ya yi ta ba da alama: tun sati biyu da suka wuce ƙararsa ta canza, ta yi kauri, kuma man da ake gani yana fantsama a ɗan gilashin da ke saman keken ya ragu. Na ji, na gani, na ce sai an samu sarari.

Yau na ƙara rabin awa a bita, kuma da shi ake farawa tun kafin a buɗe littafi. A kashe wuta, a cire allura da farantin, a goge haƙora da tsohon buroshin haƙori, a fito da gidan zaren ƙasa a share, a duba mai yana tsakanin HIGH da LOW, a taɓa bel a ji ko ya saki. Keken ƙafa a ɗiga masa mai a ramukansa, sannan a yi ɗinki a kan tsumma har man ya daina fitowa, kada ya ɓata farar shaddar mutane. Injin wibin ya fi kowanne tara datti saboda wuƙarsa tana yanka tana zubarwa ciki. Sabuwar allura kowace Juma'a ko ba ta karye ba: lamba 16 ga shadda mai tauri, 14 ga yadi mai laushi. Mai gyaran ya ce yawancin tsallaken da ake kiransa a kai, allura ce ta dakushe ko ta ɗan lanƙwashe, ko an sa ta a karkace.

Mutum biyar da alkawarinsu ya faɗa wannan satin na kira su tun ranar Litinin, ban jira sun zo ba. Huɗu sun ce ba komai. Ɗaya na ɗaurin aure ne ranar Asabar, shi na ɗinka da kaina a keken ƙafa.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An gama 19. Yau ake duban wata.

A sati ukun nan mun gama 48, mun karɓi 45, abin da ke hannu 58. Saura sati huɗu, wato 64. Gurbi shida ya rage, kuma allo ma shida ya nuna. Na lura allo ba ya sanin an yi asarar sati, ragewa kawai yake yi. Dacewa aka yi sati biyu masu kyau suka cike ramin na keke. Don haka kowace Juma'a sai an sake lissafin daga tushe: satin da suka rage sau 16, a cire abin da ke hannu, a goge allo a rubuta sabo.

Giɓin kafin alƙalami ya rufe. Na sayi fetur lita goma na ajiye saboda aikin dare.

Juma'a, 7 ga Maris

An ɗauki azumi ranar Asabar 1 ga wata. Gurbi shidan ya cike tun ranar Lahadi, na rubuta a kwali na manna a ƙofa: an rufe karɓar ɗinkin Sallah.

Satin farko na azumi 14 muka yi. Daga Azahar jiki yake mutuwa, ƙarfe biyar kuma kowa hankalinsa ya koma gida. Saura 50 a hannu, sati uku sau 16 kuwa 48 ne. Yau ne karo na farko da lissafi ya nuna ja, kuma gara da na gan shi yau da saura kwana ashirin. Mun zauna da yaran mun canza lokaci: safe daga bakwai zuwa Azahar, a huta, a dawo bayan Asham zuwa sha biyun dare. Yanka da safe kawai, lokacin da ido yake garau. Ba na yarda a sa almakashi a shaddar mutum da dare. Ɗinki in ya karkace ana farkewa, yanka in ya ɓaci sai biya.

Mayar da mutane shi ne abin da ya fi mini ciwo. Mutum goma sha ɗaya na ba haƙuri a satin nan, wasu na haɗa su da wani abokin sana'a da ke da sarari.

Juma'a, 14 ga Maris

Aikin dare ya yi amfani, 19. Fetur ya ci naira 14,000 a satin, na rubuta shi a shafin kashewa don in san abin da zan ƙara a kuɗin ɗinkin azumi baɗi.

Amma na karya dokata. Ƙanin mahaifina ya zo ranar Talata da shadda yadi goma, babbar riga. Na ce, "Baffa, wallahi an rufe." Ya ce, "Ɗana, ni ma sai na bi layi?" Na karɓa da hannu biyu. Ba na nadama, akwai mutanen da ba a mayarwa. Kuskuren shi ne ban ware musu gurbi tun farko ba, alhali na san duk shekara sai sun zo, kuma a makare suke zuwa. Saura 34.

Juma'a, 21 ga Maris

An gama 17, saura 17. A takarda kamar lafiya. Da na haɗa leda da littafi sai na ga bakwai daga cikin kayan ba sa shagon, suna wurin mai aikin wuya, wasu kwana tara ke nan. A littafina babu inda ke nuna ranar da kaya suka fita da ranar da ya kamata su dawo, shi ya sa bitar makon jiya ba ta kama ba. Na ƙirga ƙarfin shagona, na manta shi ma mai aikin teloli da yawa ne suke kai masa, kuma layinsa a azumi ya fi nawa tsawo.

Bayan an sauko Juma'a na tafi da kaina. Uku an gama suna ajiye, ba wanda ya je karɓa. Biyu suna kan inji. Biyu, har da rigar Baffa, ba a taɓa ba. Na ce, "Maigida, gaya mini gaskiya, yaushe?" Ya ce kaftanin Litinin, babbar rigar kuwa ba zai yi mini alkawarin da ya wuce Alhamis da dare ba. Na gode masa da bai rufe ni ba. Na buɗe sabon shafi a bayan littafi: abin da ke waje, wurin wa, ranar fita, ranar dawowa. Wannan shafin zan riƙa dubawa kafin na kuɗi.

Goman ƙarshe ta shiga, yaran suna zuwa Tahajjud, don haka aikin dare ya koma ana tashi ƙarfe sha ɗaya.

Juma'a, 28 ga Maris

Jiya da dare komai ya fita sai biyu: rigar Baffa da ta dawo ƙarfe goma, da wani kaftani da hannunsa ya yi gajere da inci ɗaya, kuskuren karanta awo, an ga 24 a matsayin 23. Akwai ragowar yadi, za a sake hannun yau. Bitar yau minti ashirin ce: kira, ciko, share keke.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris. Kaftanin ya fita Juma'a da dare, rigar Baffa Asabar da La'asar, na kai masa gida da kaina. Ɗinki shida na rataye ba a karɓa ba, cikonsu 33,000, na tura saƙo yau.

Babbar Sallah tana wajen farkon Yuni, sati tara ke nan. Abin da zan gyara kafin nan: maki shida a ware na dangi tun ranar farko, duk ɗinki mai aiki a rufe karɓarsa sati biyu kafin marar aiki, a nemi mai aikin wuya na biyu, a sake auna makin sati, tunda zafi ya shigo kuma ƙaramin yaron ya fara haɗa wando shi kaɗai. Babban yarona zai riƙa yin ɓangaren keke da haɗa leda, ni in riƙe kuɗi da tsarin sati. Lambar dattijon nan na bara tana cikin tsohon littafi, na kwafe ta a shafin mutanen da zan kira gobe.